Fuskarku Ba Ta Karkace Ba, Wayar Ce Ta Matso Kusa

 Duk lokacin da zangon ƙarshe ya kusa ƙarewa, harkar hoto kan tashi a makarantu. Ga hoton fasfo na rajistar jarrabawa, ga hoton 'yan aji, ga na bikin yaye ɗalibai, ga kuma wanda ake ɗauka da ƙawaye a bakin ƙofar makaranta domin tunawa da juna. A nan ne kuma ƙorafi yake yawa. Wannan ta ce hancinta ya fito kamar ba nata ba, wancan ya ce idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma, wata kuma ta ce bakinta ya karkace, a goge a sake. A sake sau goma, na goman bai fi na farkon ba.

Abin da muke so mu nuna muku a wannan mako shi ne, yawancin karkacewar da kuke gani a hoto ba a fuskarku take ba. Tana zuwa ne daga inda aka riƙe wayar, musamman nisanta da fuska. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin, saura kuma 'yan gyare-gyare ne na tsayuwa da haske.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Abin da ke kusa da ido ya fi fitowa babba, abin da ke nesa ya fi fitowa ƙarami. Ku ɗaga babban yatsanku kusa da ido, za ku ga ya rufe muku ginin aji sukutum. Kyamara ma haka take gani. To, fuska ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar allo. Hanci yana gaba, idanu da kumatu suna bayansa, kunnuwa suna can baya. Daga ƙarshen hanci zuwa layin da kunnuwa suke, akwai tazarar da ta kai kimanin santimita 10, ko ta ɗan fi haka.

Yanzu ku ɗauko rular nan taku ta aji mai santimita 30. A ce kun riƙe waya nisan rula ɗaya daga hancinku, kamar yadda mutane da yawa ke yi idan za su ɗauki salfi. Hanci yana nisan santimita 30 daga kyamara, kunnuwa kuma suna nisan 40. Ku raba 40 da 30, za ku sami 1.33. Ma'anar wannan ita ce, idan aka gwada hanci da kunnuwa a cikin hoton, hancin ya sami ƙarin girma na kusan kashi ɗaya cikin uku. Kumatu sun janye baya, kunnuwa sun ƙanƙance ko ma sun ɓuya, hanci ya mamaye tsakiyar fuska.

Ku miƙa wa abokinku wayar, ya ja da baya har rula biyar, wato mita ɗaya da rabi. Hanci yana 150, kunnuwa suna 160. Ku raba, za ku sami 1.07. Ƙarin ya sauko zuwa kashi 7 cikin ɗari, wanda ido ba ya ma lura da shi. Fuskar ba ta canja ba, wayar ba ta canja ba, tazara kawai aka ƙara.

Ba mu kaɗai muka yi wannan lissafi ba. A shekarar 2018, wani likitan tiyatar fuska a Jami'ar Rutgers ta Amurka, Boris Paskhover, tare da abokan aikinsa, sun wallafa sakamakon wani lissafi irin wannan, inda suka nuna cewa hoton da aka ɗauka daga kimanin santimita 30 yana sa hanci ya fito da ƙarin faɗi na kusan kashi 30 cikin ɗari, amma daga mita ɗaya da rabi bambancin kaɗan ne ƙwarai. Abin da ya sa likitan ya damu da batun shi ne, mutane suna zuwa wurinsa suna neman a yi musu aikin hanci, hujjarsu kuma hoton salfi. Ku duba fa, a kai mutum ɗakin tiyata saboda gajartar hannunsa.

Wani zai ce, to wannan batun girman hanci ne, ina ruwansa da ido ɗaya ya fi ɗaya? Ai lissafin ɗaya ne. Mai ɗaukar salfi ba kasafai yake riƙe waya a tsakiyar fuskarsa cak ba. Tana hannun dama, don haka tana ɗan gefen dama. Tsakanin ƙwayar ido da ƙwayar ido, a wurin babban mutum, akwai santimita 6 da 'yan kai. Idan wayar ta koma gefe sosai, ko kai ya juya kamar digiri 30, ido ɗaya zai riga ɗaya kusa da kyamara da wajen santimita 3. A nisan rula ɗaya, ido ɗaya yana 30, ɗayan yana 33, bambancin girma kashi 10 cikin ɗari ke nan, kuma kowa zai gan shi. A nisan mita ɗaya da rabi, 150 da 153 ne, kashi 2 kacal. Haka abin yake ga kunci, da gira, da gefen baki. Kusanci ba hanci kaɗai yake kumburawa ba, duk wani ɗan bambanci da ke tsakanin dama da hagu sai ya ninka shi.

Saboda haka abu na farko shi ne a ja da baya. Taku biyu manya zuwa uku tsakanin mai ɗauka da wanda ake ɗauka ya wadatar. Idan kun yi haka za ku ga fuskar ta yi ƙanƙanta a sikirin, bango da bishiya sun cika hoton. Kada wannan ya sa mai ɗauka ya sake matsowa. Ya tsaya inda yake, ya danna 2x idan wayar tana da shi, ko ya zuƙo da yatsu biyu, ko a ɗauka a haka daga baya a yanke gefe-gefen. A ƙananan wayoyi da yawa, zuƙowa yanke hoton kawai take yi, don haka tsabtar hoton takan ɗan ragu, musamman idan haske ya yi ƙaranci. Amma siffar fuska tana nan daidai, domin tazara ce ke yanke hukunci a kan siffa, ba zuƙowa ba. A wurinmu, gara hoto mai ɗan dishi-dishi da fuskar mutum ta gaskiya, da hoto tangaram wanda hanci ya cinye rabinsa. Ku yi amfani da kyamarar baya in da hali, domin a yawancin wayoyi ta fi ta gaba kyau.

Idan babu wanda zai riƙe muku wayar, ku jingine ta a kan taga ko a kan tarin littattafai, ku kunna Timer a kan daƙiƙa 10, ku koma baya ku tsaya. Idan kuwa dole sai salfi, to a miƙe hannu har ƙarshe. Hannu miƙaƙƙe yana ba da wajen rabin mita ko fiye, kuma ko wannan ya rage matsalar sosai idan aka gwada da nisan rula ɗaya.

Akwai kuma maɓallin 0.5x da ke cikin wasu wayoyi. An yi shi ne domin ɗaukar fili mai faɗi, kamar filin ƙwallo ko ɗakin taro. Ba na fuska ba ne. Ko a 1x ma, kyamarar waya mai faɗin gani ce, kuma irin wannan kyamara tana jan duk abin da ya faɗa gefen hoto ko kusurwarsa. Shi ya sa a hoton 'yan aji za ku ga waɗanda ke tsakiya sun fito lafiya, na can ƙarshen layi kuma kansu ya miƙe gefe kamar an ja shi da hannu. Maganin wannan yana wurin mai ɗauka. Ya ja da baya ya bar fili a dama da hagu, kada kan kowa ya taɓa bakin hoton. In kuma hoton mutum ɗaya ne, fuskar ta zauna kusa da tsakiya.

Kafin mu shiga batun tsayuwa, akwai wani abu da ke ruɗa ɗalibai da yawa, kuma ba kyamara ce ta jawo shi ba. Madubi ne. Tun kuna ƙanana, fuskar da kuka sani a matsayin taku ita ce ta cikin madubi, kuma a juye take: tabon da ke kuncinku na hagu, a madubi yana bayyana a ɓangaren hagunku, alhali wanda ke tsaye a gabanku yana ganinsa a ɓangaren damansa. Hoto kuwa yana nuna ku yadda mutane ke ganinku. Babu ɗan Adam da ɓangarorin fuskarsa biyu suka zo daidai tsaf. A ce karan hancinku ya ɗan kauce kaɗan zuwa gefe ɗaya. Idonku ya saba da wannan kaucewar a madubi har ba ya ganinta. Ranar da kuka ga hoto, kaucewar ta koma ɗaya gefen, sai ku ga kamar ta ninka biyu: an cire wadda kuka saba da ita, an ƙara wata a inda ba ku zata ba. Abokinku da ke kallon hoton tare da ku bai ga komai ba, domin shi wannan fuskar ya sani tun fil azal.

An gwada wannan a Amurka a shekarar 1977. Masu bincike uku, Mita da Dermer da Knight, sun nuna wa mutane hotunansu iri biyu, ɗaya yadda yake, ɗaya a juye kamar na madubi. Yawancin masu hoton sun fi son na juyen, abokansu kuma sun fi karkata ga na ainihin. Kowa ya zaɓi abin da idonsa ya saba da shi.

Wayoyi suna ƙara wa wannan ruɗani gishiri. Lokacin da kuke shirin ɗaukar salfi, sikirin yana nuna ku kamar madubi. Da kun danna, wasu wayoyin sai su juya hoton su ajiye shi yadda mutane ke ganinku, sai ku buɗe ku ga kamar an musanya muku fuska. A iPhone saitin da ke kula da wannan sunansa Mirror Front Camera, a wayoyin Samsung kuma Save selfies as previewed, a wasu wayoyin kalmar Mirror kawai za ku gani a saitin kyamara. Hanya mai sauƙi ta gane ko hoto a juye yake ita ce a duba rubutun bajon makaranta da ke ƙirjin riga. Idan ana iya karanta shi, hoton daidai yake. Shawararmu ita ce ku bar hoto a yadda mutane ke ganinku, ku riƙa kallonsa har idonku ya saba. Shekara goma nan gaba, abokan ajinku fuskar da suka sani za su nema a cikin hoton.

To, an ja da baya, an fahimci madubi. Saura tsayin kyamara. Ta tsaya daidai da idon wanda ake ɗauka, ko ta ɗara kaɗan. Idan ta sauka ƙasa, haɓa da muƙamuƙi ne suka fi kusa da ita, su za su kumbura, ƙofofin hanci su buɗe, kuma ƙofofin hanci na cikin wuraren da bambancin dama da hagu ya fi fitowa. Idan ta hau sama da yawa, goshi ya faɗaɗa, haɓa ta tsuke. Dogo idan zai ɗauki gajere sai ya ɗan rusuna, gajere kuma idan zai ɗauki dogo ya hau dakali, ko dogon ya zauna a benci. Wayar kanta ta tsaya a miƙe, kada samanta ya kwanta gaba ko baya. Ku kunna layukan nan da ake kira Grid a saitin kyamara. Za su raba sikirin gida tara, sai mai ɗauka ya ɗora layin sama na kwance a kan idanu biyu. Idan ido ɗaya yana kan layi ɗaya yana ƙarƙashinsa, ko wayar ta karkace ko kai ya karkace.

Sau da yawa kai ne. Mutane da yawa suna ɗan kwantar da kai gefe ɗaya ba tare da sun sani ba, wasu kuma kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, musamman mai rataye da jaka a kafaɗa guda. A sauke jakar tukuna. Mai ɗauka ne zai gyara sauran da baki, domin wanda ake ɗauka ba ya ganin kansa: "Ɗan ɗaga kunnenki na dama sama. Ya isa. Tsaya haka."

Daga nan hanya ta rabu biyu, domin hoton hukuma daban, hoton tarihi daban.

A hoton fasfo na rajistar WAEC ko NECO, ko na katin shaida, ba a juya kai. Ana son fuska ta kalli kyamara kai tsaye, kuma wannan ita ce tsayuwar da ta fi tona kowane bambanci, domin dama da hagu suna gefe da gefe kamar an ɗora su a sikeli. Abin da za ku iya yi a nan shi ne ku tabbatar tsayuwar ta zama kai tsaye da gaske, ba kusan kai tsaye ba. Juyi kaɗan wanda bai kai a ce an juya ba shi ne mafi muni: kunci ɗaya ya faɗaɗa, ɗaya ya tsuke, mai kallo kuma ya ɗauka haka fuskar take. Ga namiji, a duba kunnuwa. Idan ana ganin kunne ɗaya gaba ɗaya, ɗayan kuma rabi, kai ya juya. Ga mai hijabi, a duba tazarar da ke tsakanin wutsiyar ido da bakin hijabin a kowane gefe, su zo daidai. A nan dole a fara gyara hijabin kansa, domin shi ne ke zana iyakar fuska. Idan ya rufe kunci ɗaya fiye da ɗaya, ko ɗinkin ƙarƙashin haɓa ya zame gefe, fuskar za ta fito a karkace ko da an tsaya daidai. Haka hula, haka ɗankwali. Karya hula gefe ado ne a ranar biki, amma a hoton fasfo tana jan layin goshi ta karkatar da shi.

Hoton tarihi kuwa, irin na ranar yaye ɗalibai, yana ba ku 'yancin juyawa, kuma juyi shi ne babbar dabarar masu ɗaukar hoto. Idan fuska ta juya gefe sosai yadda kowa zai ga an juya, ido ba ya ƙara auna dama da hagu, domin ya san ɓangare ɗaya ya fi nisa. Nawa za a juya? Ku ɗauka mai hoton yana tsaye a kan ƙarfe 12 na agogon bango. Ku juya hancinku ya nuna ƙarfe 1 ko ƙarfe 11, wato digiri 30, sannan ku dawo da ƙwayar ido kan kyamara. Iyakar juyin tana da alama: kada ƙarshen hanci ya tsallake layin kuncin da ke nesa, kuma idon da ke nesa ya kasance ana ganinsa duka. Idan hanci ya fita daga cikin fuska ya shiga bango, an wuce gona da iri, zai fito da tsawo fiye da yadda yake.

Wane gefe za a ba kyamara? Za ku ji ana cewa kuncin hagu ya fi kyau. Gaskiya ne cewa a shekarar 1973, McManus da Humphrey sun duba zane-zanen fuskokin mutane sama da 1,400 na Turai, suka ga an fi nuna kuncin hagu, musamman a zanen mata. Amma wannan bayani ne a kan abin da masu zane suka saba yi, ba hukunci ba ne a kan fuskar kowa. Fuskarku ce za ta faɗa muku.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wata ɗalibar aji shida tana son hoton ranar yaye su. Idonta na hagu ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, ƙarshen hancinta kuma ya ɗan leƙa hagu. Duk salfin da take ɗauka da hannun dama take ɗauka, wayar tana gefen dama, kusa. Ku lura da abin da ke faruwa. Idon dama, wanda dama can shi ne babba, shi ne kuma ya fi kusa da kyamara, sai ya ƙara girma. Na hagu yana nesa, ya ƙara ƙanƙancewa. Hancin da ke leƙen hagu, an kalle shi daga dama, sai ya ƙara kaucewa. Duk abin da ba ta so, riƙon wayarta ya ƙara masa ƙarfi.

Sai ta ba ƙawarta wayar. Suka fita daga cikin rana suka tsaya a barandar aji, ita tana ciki tana fuskantar fili, ƙawar tana bakin baranda, taku biyu da rabi a tsakaninsu. Ƙawar ta goge gilashin kyamara da gefen hijabinta, domin maiƙon yatsa yana sa hoto ya yi hazo, ta danna 2x, ta ɗaga wayar daidai idon mai hoton. Suka ɗauki uku na gwaji ba tare da kowa ya gusa ba: ɗaya kai tsaye, ɗaya hanci a ƙarfe 11, ɗaya a ƙarfe 1. Da suka jera su, wanda ta juya zuwa damanta ta ba kyamara kuncin hagu shi ya fi daidaito. Dalili a fili yake. Ƙaramin idon ya zo gaba ya sami ɗan ƙari, babban ya koma baya, kuma ko da ya fito ɗan ƙarami ko daidai, mai kallo ba zai yi mamaki ba. Hancin kuma, da yake an kalle shi daga gefen da yake leƙawa, juyin kai ya ja shi dama, leƙensa ya ja shi hagu, suka rage wa juna ƙarfi. Ƙa'idar da masu hoto suka saba bi ke nan: ƙaramin ido a gaba, kuma a ɗauki hanci daga gefen da ya karkata.

Wani lokaci ƙa'idojin biyu sukan yi karo, ƙaramin ido yana hagu, hanci kuma yana leƙen dama. A nan babu lissafin da zai raba gardama, sai hotunan gwajin nan uku. A bar wa ƙawa ta zaɓa, ko a ajiye su sai gobe a duba, domin mai fuska, kamar yadda muka gani, madubi ya riga ya saye idonsa.

Da suka sami gefen, sai gyaran ƙarshe. Ta juya kafaɗunta su ma kaɗan, kada ƙirji ya fuskanci kyamara kamar soja a fareti. Ta miƙe wuya, ta ɗan turo goshi gaba zuwa wajen kyamara, ta sauke haɓa kaɗan. A jiki za ta ji kamar kunkuru mai leƙowa daga ƙoƙonsa, amma daga gaba ba a ganin haka, layin muƙamuƙi ne kawai yake fitowa sarai a ɓangarorin biyu. Murmushi kuma ba a riƙe shi. Wanda aka riƙe ana jiran a ƙirga uku yakan bushe, gefen baki ɗaya ya riga ɗaya sauka, ido ɗaya ya ƙanƙance. Gara ta kalli ƙasa, ƙawar ta yi mata wata magana mai ban dariya, ta ɗago, a danna sau biyar ko shida a jere. A cikinsu za a sami ɗaya.

Ba banza muka kai su baranda ba. Haske yana iya rushe duk abin da tazara da tsayuwa suka gina. Rana tsaka tana dukan kai daga sama, ta bar ramukan ido cikin duhu, ta sa mutum ya runtse, kuma ba kasafai idanu biyu ke runtsewa daidai ba. Hasken da ya zo daga gefe ɗaya da ƙarfi, kamar taga ɗaya a ɗaki mai duhu, yana jefa inuwar hanci a kan kunci guda, sai hancin ya zama kamar ya karkata can, rabin fuskar da ke cikin duhu kuma ya tsuke. Inuwar bishiya mai ratsin rana ita ma tana yi wa fuska dabbare-dabbare. Abin da ake nema shi ne haske mai laushi da ke zuwa daga gaba: mutum yana cikin inuwa, fuskarsa tana kallon wuri mai haske. Bakin ƙofa, baranda, ko gaban taga idan an fuskance ta. Da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, ko da la'asar sakaliya, ko ranar da hazo ya rufe rana, ana iya ɗauka a fili ma. Kada a bar taga ko farin bango mai ƙyalli a bayan mutum, domin wayar za ta auna hasken bayan ta bar fuska baƙi ƙirin. Idan hakan ta faru, mai ɗauka ya taɓa fuskar a sikirin da yatsa kafin ya danna, wayar za ta gyara haskenta a kan fuskar.

Game da manhajojin da ke yanke rabin fuska su manna irinsa a ɗaya gefen domin wai su nuna muku yadda za ku kasance da kun daidaita, ba mu ga amfaninsu ba. Ko kaɗan kai ya juya a hoton asali, za su ba ku fuska ɗaya mai faɗi kamar faranti, ɗaya tsukakkiya, sai ku ɗauka bambancin da ke fuskarku ya kai haka. Abin da suke aunawa shi ne kuskuren tsayuwa.

Akwai dai karkacewa guda da ba ta hoto ba ce, kuma muna so ku san ta. Bambancin da aka haifi mutum da shi yana nan jiya, yana nan yau, ba ya canjawa dare ɗaya. Amma idan wani, ku ko wani a gida, ya wayi gari gefen bakinsa ya zube, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, ko ruwa yana zuba ta gefen baki idan ya sha, wannan na asibiti ne a ranar, ba sai gobe ba. Yana iya zama matsalar jijiyar fuska, wadda maganinta ya fi aiki idan an fara shi cikin kwanaki ukun farko. Idan kuma abin ya zo tare da nauyin hannu ko ƙafa, ko harshe ya karye magana ta ƙi fita daidai, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, a nemi abin hawa nan take.